An yanko minti huɗu daga karatun Malam, ƙasan bidiyo ya koma filin zage-zage: ta ina za a fara?

Auwalu: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin kula da shafukan karatu. Shekaranjiya bayan isha'i muka ɗora guntun bidiyo na minti huɗu a tashar YouTube ta karatun masallacinmu, inda aka tambayi Malam kan kabalu da sadalu ya ba da amsa. Kafin asuba sharhi ya haura 600. An fara da addu'o'i, sai wani ya rubuta cewa Malam bai yi karatu ba, wani ya rama, daga nan aka shiga kafirta juna da zagin iyaye, wasu kuma ba abin da suke sawa sai alamar dariya. Mu biyu ne ke da damar shiga tashar, kuma da waya muke aikin. In goge duka ne, ko in sauke bidiyon gaba ɗaya?

Nazifi: Wa alaikumus salam. Rufe wurin sharhin kawai ka huta. Bidiyon addini ba ya buƙatar ra'ayin kowa, wanda zai amfana ya saurara ya wuce.

Malam Habibu: Nazifi, akwai ranar da rufewa ce magani, amma ba da ita ake farawa ba, kuma akwai abin da ya fi ta sauƙi. Auwalu, kafin ka taɓa komai ka shiga YouTube Studio, ka buɗe bayanan wannan bidiyon, ka gangara wurin saitin sharhi. Za ka ga zaɓi uku: `On`, `Pause`, `Off`. Ka danna `Pause`. Shi wannan yana hana sabon rubutu shigowa, amma wanda aka riga aka yi yana nan ana gani. `Off` kuwa ɓoye komai yake yi gaba ɗaya, har addu'o'in mutanen kirki da tambayoyinsu, kuma masu rigimar za su ɗauki hoton allon su kai wani shafi su ce Malam ya kasa kare maganarsa shi ya sa aka kulle ƙofa. Da dakatarwa ka tare ruwan daga sama, sai ka samu sararin kwashe wanda ya riga ya shigo ɗaki.

Bayan haka ka zauna ka karanta, kada ka goge ko ɗaya a mintuna goma sha biyar na farko. Ka jera sharhin daga sabo zuwa tsoho, wato `Newest`, domin jerin `Top` ba ya nuna maka yadda maganar ta faro. Abin da kake nema shi ne tushen faɗan. A irin wannan lamari da wuya ka tarar mutum ɗari shida ne ke faɗa. Yawancin sharhin "Allah ya saka da alheri" ne da "Allah ya ƙara lafiya", sai ka ga rigimar ta taru a ƙarƙashin sharhi biyu ko uku da amsoshinsu suka kai hamsin ko ɗari, kuma sunaye kaɗan ne ke ta dawowa. Ka ɗauki takarda ka rubuta sunayen nan da yawan abin da kowanne ya rubuta. Ka dawo ka gaya mana abin da ka gani.

Sagiru: Ni dai gaskiya ɗaya ce. Hadisin ɗora dama a kan hagu yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik kansa, to me ya rage na jayayya? In Malam ya faɗi akasin haka dole mutane su yi magana. Ku gyara bidiyon shi ne mafita.

Malama Rakiya: Malam Sagiru, ba hukuncin kabalu aka tambaya ba. Masu sadalu ma za su kawo maka riwayar Ibnul Ƙasim a Mudawwana, kuma malamai sun daɗe suna wannan magana tun kafin a haifi kakanninmu. Amma rubutunka ya zo a kan gaɓa, don irinsa ne bai kamata Auwalu ya goge ba. Ko da a ce ka saɓa wa Malam ne, ka kawo hujja, ka ambaci littafi, ba ka zagi kowa ba. Da a ce ka ƙara da "amma jahilai ba za su gane ba", to da hukuncinsa ya canza, ko da hujjar taka tana nan daram.

Wannan shi ne inda yawancin masu kula da shafuka ke zamewa. Suna tace sharhi da ɓangaren da mutum yake, maimakon abin da ya aikata. Wanda ya zagi abokin hamayya don kare Malam sai a bar nasa, wanda ya yi wa Malam gyara cikin ladabi sai a cire. Masu karatu ba yara ba ne, cikin kwana biyu za su gane, kuma daga ranar duk abin da ka cire za a ce son kai ne. In za ka fara gogewa, ka fara da zagin da mutanenku suka yi. Ya fi wuya a zuciya, amma shi ke sa wancan ɓangaren ya yarda cewa doka ce ba gaba ba.

Auwalu: Malam Habibu, na yi yadda ka ce. Sharhi 640 ne cif. Faɗan yana ƙarƙashin guda uku. Na farko shi ne na wanda ya ce Malam bai yi karatu ba, amsoshi 118. Na biyu wani ne ya yi tambaya ta gaskiya, ya ce shi sadalu ya taso yana yi, shin sallolinsa na baya suna nan, amsoshi 74, kuma rabinsu kafirtawa ne. Na uku wani daga cikin ɗaliban Malam ne ya rubuta doguwar magana yana kiran wancan ɓangaren 'yan bidi'a, amsoshi 60. Sunaye goma sha ɗaya ne suka rubuta mafi yawan zagin, huɗu daga ciki namu ne.

Malam Habibu: Madalla, ka ga aikin ya ragu daga ɗari shida zuwa uku. Kowanne da maganinsa daban.

Na farko da na uku tushensu ne ruɓaɓɓe. A YouTube in ka cire sharhin sama, amsoshin da ke ƙarƙashinsa duk suna tafiya tare da shi, don haka danna `Remove` sau biyu ya kwashe maka rubutu kusan 180. Amma kafin ka danna ka bi amsoshin da ido, in akwai barazana ko an saka lambar wayar wani ko unguwarsa, ka ajiye hoton allo tukuna, don in ya tafi ba za ka sake ganinsa ba. Kuma ka cire su a lokaci guda, na mai zagin Malam da na ɗalibin Malam, kada a samu tazarar awa ɗaya da wani zai ga ɗaya ya ɓace ɗaya yana nan.

Na biyu kuwa kada ka kuskura ka taɓa tushensa. Bawan Allah ya yi tambaya yana cikin damuwa kan sallarsa, in ka goge tambayarsa tare da zagin da aka yi masa ka hukunta wanda aka zalunta. Nan sai aikin hannu: ka bi amsoshi 74 ɗin ɗaya bayan ɗaya, ka cire na kafirtawa da na izgili, ka bar na masu hujja ko daga wane ɓangare suke. Zai ci maka kamar rabin awa. Sannan ka kai wa Malam tambayar, ka kawo amsarsa da lafazinsa, ka rubuta a ƙasa cewa "an tambayi Malam, ga abin da ya ce". Kada ka amsa da iliminka da sunan tashar. Duk abin da ya fito da sunan tashar, mutane maganar Malam suke ɗaukarsa, haka ma alamar zuciyar nan da ake danna wa sharhi. In ka danna ta a kan rubutun da ke da habaici a ƙarshensa, gobe za a ce Malam ya sa hannu.

Su kuma goma sha ɗayan nan ba duka za ka kora ba. Wanda ya zagi iyaye, ko ya kafirta mutum da sunansa, ko ya yi barazana, ka danna ɗigo uku da ke gefen sharhinsa ka zaɓi `Hide user from channel`. Daga nan rubutunsa ba ya fitowa ga kowa a tashar, shi kuma ba a sanar da shi. Wanda zafin gardama ne ya kwashe shi sau ɗaya, ka cire rubutun kawai ka sa masa ido. Naku huɗun nan tunda kun san su, a kira su a waya, ya fi kowace dannawa amfani.

Baba Ilu: Yaran nan, ina da magana kan wannan ɓoyewar da ba a sanar da mutum. Mutum yana ta rubutu yana zaton ana karantawa alhali shi kaɗai ke gani, ni wannan bai kwanta mini ba, yana kama da yaudara. A majalisin karatu in yaro ya yi rashin kunya, ana ce masa tashi ka fita, ya san an kore shi, ya san dalili, wataƙila ya dawo ya ba da haƙuri.

Malam Habibu: Baba, maganarka tana da nauyi. Dalilin da ya sa ake son ta shiru shi ne, wanda ya san an toshe shi cikin minti biyar zai buɗe sabon asusu ya dawo da fushi ninki biyu. Amma ana iya rage abin da kake gudu: a rubuta a fili a dokar shafi cewa wanda ya zagi iyaye ko ya kafirta wani za a ɓoye shi ba tare da sanarwa ba. In an faɗa tun farko, ba a yaudari kowa ba.

Baba Ilu: Ya rage, amma bai kawar ba. Ni da za a bi tawa, wanda aka san shi a gari a faɗa masa baki da baki. Baƙon da ba a san ko waye ba, to, a yi yadda kuka ce. Kuma dokar da za ku rubuta kada ta zama dogon wa'azi. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabi, aya ta 108 a Suratul An'am ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa don kada su rama da zagin Allah. In an hana wannan game da wanda ba Musulmi ba, ina ga wanda kuka saɓa kan inda ake ajiye hannu a salla? Ku ambaci ɗaya daga ciki ya isa.

Malama Rakiya: Ga irin wadda nake ganin ta wadatar, ka rubuta ta da sunan tashar ka danna `Pin` ta zauna a sama:

"Masu kula da tasha ne ke magana, ba Malam ba. Wannan guntu ne daga karatu mai tsawo, cikakken yana cikin bayanin bidiyo. Ana maraba da tambaya da gyara da hujja, ko da sun saɓa wa Malam. Za a cire zagi, kafirtawa, izgili da saka bayanan wani, ko daga wane ɓangare. Wanda ya maimaita za a ɓoye shi ba tare da sanarwa ba."

Ka lura da jimla ta biyu. Sau da yawa wutar daga yankan bidiyon take tashi. Malam ya yi minti ashirin yana kawo hujjojin ɓangarorin biyu, mai yanka ya ɗauko minti huɗun da ya faɗi abin da ya rinjayar, ya sa masa take mai zafi. Auwalu, mene ne taken da kuka sa?

Auwalu: "Malam ya fasa ƙwai kan masu sadalu." Abokin aikina ne ya sa, ya ce irinsa ne ke jawo masu kallo.

Malama Rakiya: To ai ga ashanar nan. Wanda ya karanta wannan taken ya shigo da shirin faɗa tun kafin ya ji kalma ɗaya. Ku canza shi yanzu zuwa abin da aka tambaya, kamar "Amsar tambaya kan kabalu da sadalu", canza take ba ya taɓa yawan kallo da aka riga aka samu. Ba yadda za a yi ka kira mutane dambe da take sannan ka hukunta su don sun kai naushi.

Nazifi: Amma fa ku faɗi gaskiya, faɗan nan shi ke tura bidiyo. Duk inda sharhi ya yi yawa manhajar tana ƙara nuna shi. In kun share rabi kun kashe wa karatun kasuwa.

Malam Habibu: Ko da hakan ya ƙara masu shigowa, ka duba su wa yake kawowa. Auwalu zai iya gani da idonsa a `Analytics` na bidiyon, wurin da ke nuna tsawon lokacin da mutane ke kallo. In bidiyon minti huɗu ne kuma yawanci suna fita kafin minti ɗaya, to ba karatu suka zo ji ba, ƙasa suka gangara. Ga kuma asarar da ba ta fitowa a lissafi: matan da ke yin tambaya a ƙarƙashin karatu su ne farkon masu yin shiru in suka ga ana zagin iyaye, kuma ba sa sanar da kowa sun daina.

Yanzu maganar rigakafi, kafin ka cire dakatarwar. A saitin sharhi akwai matakan tacewa huɗu: `None`, `Basic`, `Strict`, `Hold all`. Ga wannan bidiyon ka sa `Hold all` na kwana biyu ko uku, wato ba abin da zai fito sai kun amince. Abin da aka riƙe yana taruwa a sashen `Held`, kuma yana jira har kwana 60 kafin ya ɓace, don haka ba gaggawa, ku duba sau uku a rana, bayan asuba, bayan la'asar, da bayan isha'i. In ƙura ta lafa ku sauko `Strict`. Sai dai kada ku dogara da `Basic` ko `Strict` su kama zagin Hausa. Sun fi gane Turanci, zagin da aka yi da Hausa sau da yawa wucewa yake yi salin alin. Shi ya sa dole ku gina jerin kalmominku a `Settings`, sashen `Community`, akwatin `Blocked words`. A kwamfuta ko a burauzar waya ake samun cikakken saitin, kuma sunayen wuraren suna ɗan canzawa lokaci zuwa lokaci, amma akwatin yana nan.

Mustafa Maraɗi: Nan ne nake so in sa baki, don jerin kalmomin Hausa yana da tarko. Mutanenmu ba sa rubuta kalma iri ɗaya. Wanda ke da madannin Hausa zai rubuta da ɗ da ƙ, mafi yawa za su rubuta d da k, wasu q suke sawa a wurin ƙ, mu na wannan tsallaken kuma wani lokaci rubutun Faransanci ke shigo mana, a sa ou a wurin u, a sa ch a wurin sh. Kalma ɗaya sai ka shigar da ita sau huɗu ko biyar, kana raba su da waƙafi:

```
dan iska, ɗan iska, dan'iska, yan iska, 'yan iska,
shege, chege, shegu, uwarka, uwaka, ubanka, oubanka
```

Tarko na biyu ya fi wannan muni. Kada ka sa `kare` a jerin don wani ya kira Malam da sunan dabbar. Rabin addu'ar da ake yi a ƙarƙashin karatu "Allah ya kare mana Malam" ce, ga kuma masu rubuta "karatu ya kare" suna nufin ya ƙare. Za ka wayi gari ka tarar an riƙe addu'o'i ɗari. Haka `uwar` ita kaɗai za ta kama "Uwar Muminai". `Kafirai` da `munafukai` da `jahiliyya` kalmomin karatu ne, mai tambaya kan tafsirin Suratul Kafirun ko Munafiƙun dole ya rubuta su. Abin da ya fi shi ne ka sa su a jimlar da ake jifan mutum da ita, kamar `kai kafiri`, `ku kafirai`, `kai munafuki`, `jahilin malami`. Ba za ta kama duka ba, amma ba za ta cika maka akwati da mutanen kirki ba.

Ka fara da kalmomi talatin zuwa arba'in da ka tsinto daga wannan faɗan da kansa, ba daga kanka ba. Duk mako ka duba abin da aka riƙe: kalmar da ta kama masu laifi ka bar ta, wadda ta fi kama marasa laifi ka cire. Kuma jerin sababbin sharhi yake tarewa, tsofaffin sai ka neme su da akwatin bincike na Studio ka cire da hannu. Ka kunna `Block links` ma, don masu kawo mahaɗin bidiyon raddi daga wata tasha su ke mayar da faɗan unguwa ya zama na gari.

Auwalu: To izgilin fa? Shi ya fi damuna. Wani ba ya zagi, sai ya rubuta "Sannu Shehu, Allah ya ba ka lafiya" da alamar dariya biyar. Ba kalmar da zan toshe a nan.

Malama Rakiya: Babu, wannan sai ido. Hanyar da ake bi ita ce ka tambayi kanka: in na cire ba'ar, akwai sauran magana? "Sannu Shehu" da dariya, in ka cire ba'ar ba abin da ya rage, wannan a cire. Amma wanda ya ce "Malam ya manta da hadisi kaza ne ko kuwa?" akwai ɗan yaji a ciki, sai dai akwai tambayar da za a iya amsawa, wannan a bar shi. In kana shakka ka duba sauran abin da mutumin ya rubuta a tashar. Mai izgili ba ya yi sau ɗaya.

Kuma kada a amsa wa mai izgili ko da nasiha. Amsar yake nema, in ya samu daga tashar kanta ya ci riba. A cire shiru.

Tunda na san kuna ɗora guntayen nan a Facebook ma, can tsarin ya bambanta. `Hide` a Facebook ba ya ɓoye sharhi ga kowa da kowa: mai rubutun da abokansa suna ci gaba da gani. In ƙungiya ce ta abokai suka shigo tare, za su ci gaba da faɗansu a ɓoye suna ganin juna, wanda ba laifi tunda sauran jama'a sun huta, amma in bayanan wani aka saka ko barazana, `Hide` bai isa ba, sai `Delete`. Akwai kuma `Moderation Assist` a `Professional dashboard`, inda za ka ce a ɓoye sharhin asusun da ba shi da hoto, ko sabo ne, ko mai ɗauke da mahaɗi. Ka yi hattara da sharaɗin hoto, don mata da yawa masu bin karatu da gangan ba sa sa hoto, za ka rufe musu baki ba ka sani ba. Alamar dariya da ake dannawa a kan bidiyon kansa kuwa ba ka da ikon cire ta, kada ka ɓata lokaci a kanta.

Baba Ilu: Akwai guda ɗaya da ba ku taɓo ba, kuma ita ce mai hatsari. In wani ya rubuta abin da ya taɓa janibin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko aka zargi wani da hakan a cikin sharhi, me yaron nan zai yi?

Malam Habibu: Wannan ba ta jiran zagayen la'asar, Baba. Da an gani a cire nan take, a ɓoye asusun, a kai rahoto ta `Report`. Abin da ba a yi shi ne a ɗauki hotonsa a watsa a rukunonin WhatsApp ana cewa ku ga abin da wane ya rubuta. Mai watsawa ya kai maganar inda mai rubutawa bai isa ya kai ba, ga shi ba wanda ya tabbatar ko sunan da hoton da ke kan asusun na mai shi ne, domin buɗe asusu da hoton wani ba ya ɗaukar minti biyar. Kowa ya san abin da ya faru a Sakkwato a watan Mayun 2022, daga rukunin WhatsApp na ɗalibai maganar ta tashi ta ƙare da rasa rai. Haka in wani ya rubuta "wane ya zagi Annabi, ga unguwarsu", wannan rubutun shi ma a cire shi da saurin da za a cire na farkon. In akwai barazanar kisa ko kiran mutane su taru, a ajiye hoton a wayar mutum ɗaya, a sanar da Malam da kwamitin masallaci, su ne za su kai wa hukuma in ta kama. Ba aikin mai riƙe da waya ba ne ya yanke hukunci shi kaɗai da tsakar dare.

Mustafa Maraɗi: Ƙari kan yawan ma'aikata. Mutum biyu ba za su iya ba in azumi ya zo ana tafsiri kai tsaye. Kuma kada ku ba kowa kalmar sirrin tashar. A saitin `Community` ɗin nan akwai wurin ƙara `Standard moderators`, suna aiki da asusunsu, suna iya cire rubutu amma ba sa iya goge bidiyo ko canza tasha. A lokacin karatu kai tsaye ku kunna `Slow mode` ku sa daƙiƙa 60, mutum ba zai iya jero saƙo goma a numfashi ɗaya ba, gardama kuma ba ta yin zafi in sai an jira minti guda kafin a rama. Wanda ya fara tsokana a ba shi hutun minti biyar da `Put user in timeout` kafin a kai ga ɓoyewa. Wanda za ku zaɓa kada ya zama ɗalibin da ya fi kowa kishin Malam, ku nemi mai sanyin rai, in da hali a samu mace ɗaya a ciki.

Sagiru: Na ji duk bayananku, kuma na karɓi gyaran Malama. Amma har yanzu ina da tambaya. In malami ya yi kuskure a fili, wani mai ilimi ya zo ya ce "wannan magana ɓata ce" ba tare da zagi ba, kalmar tana da zafi amma hukunci ce ta ilimi. Za ku cire ko za ku bari? Don in kun cire, kun hana raddi, kuma raddi aikin malamai ne tun da.

Malama Rakiya: Ni zan bari in maganar ya hukunta, in cire in mutumin ya hukunta. "Wannan magana kuskure ce saboda kaza" daban, "kai ɓatacce ne" daban.

Malam Habibu: A ranar da ƙura ta lafa na yarda da Malama. A kwana biyun farko kuwa ni zan riƙe shi a `Held` ko da daidai ne, don kalmar "ɓata" a tsakiyar wuta ba wanda zai karanta hujjar da ke bayanta, sai in sake shi daga baya.

Sagiru: Daga baya ai ba mai karantawa, kallo ya riga ya wuce. Riƙewar kwana biyu da gogewa kusan ɗaya ne a wurina.

Auwalu: Ga inda nake yanzu. Na canza take, na cire tushe biyun tare, na tsabtace na mai tambayar, saura amsoshi 31 a ƙarƙashinsa kuma na sa amsar Malam. Na ɓoye mutum biyar, biyu daga ciki namu ne, sauran biyun namu mun yi waya sun goge nasu da kansu. Na buɗe sharhi da `Hold all` tun la'asar, 43 sun shigo, na saki 36, na cire 6. Saura ɗaya irin wanda Malam Sagiru ke magana a kai, ya kawo hujja da sunan littafi da shafi amma ya ce fatawar Malam "ganganci ce". Yana nan a riƙe, zan karanta wa Malam shi bayan magariba in ji abin da zai ce.